Lissafi ya kayar da ni sau biyu, wane littafi zan koma wa?

Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, ina sana'ar ɗinki a gida. Na gama sakandare a 2010, na samu kiredit a sauran darussa amma a lissafi na fito da F9. Yanzu ina son shiga makarantar koyon aikin lafiya, kuma ba sa ɗauka sai da kiredit a lissafi. Bara maigidana ya biya mini kuɗin jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu, ya sayo mini littafin SS3 da na tambayoyin shekarun baya. Na yi wata huɗu ina haddar amsoshi, na fito da E8. Ya ce sau ɗaya kawai zai ƙara biya, kuma a ganinsa malamin lesin ya kamata a ɗauko. Abin da ban faɗa masa ba shi ne ko firakshan ban iya ba, da na ga x da y sai kaina ya ɗaure. Ɗana na fari yana JSS2, ina jin kunyar ya gan ni da irin littafinsa. Saura wata bakwai. Waɗanne littattafai zan saya in faro daga tushe?

Wata uwa daga Zariya

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Kafin ki kashe ko sisi a wurin masu littattafai, ina so ki fara yi wa kanki ɗan gwaji. Da daddare in yara sun kwanta, ki ɗauki takarda da biro, ki ajiye waya da kalkuleta a wani ɗaki, ki amsa waɗannan tambayoyi goma cikin minti ashirin. Na farko 7 × 8, na biyu 504 ÷ 7, na uku 2 + 3 × 4, na huɗu 1/2 + 1/3, na biyar 3/4 ÷ 1/8, na shida 0.3 × 0.2, na bakwai 15% na 2,400, na takwas −3 − 5, na tara −4 × −6, na goma kuma ki nemo x a cikin 3x − 7 = 11. Sai kin gama duka za ki dubi amsoshin, ga su a jere: 56, 72, 14, 5/6, 6, 0.06, 360, −8, 24, da 6.

Ba makin da kika ci ne ya dame ni ba, inda kika fara tuntuɓe nake nema, domin shi zai gaya mana littafin da za ki saya. Idan na farko da na biyu ne suka ba ki wahala, ko sai da kika yi ta ƙirga da yatsu kafin ki kai ga 56, to aikin yana farawa ne daga littafin firamare aji biyar da shida. Idan kin wuce su lafiya amma kika samu 20 a na uku, ko 2/5 a na huɗu, ko 0.6 a na shida, ko kuma 2 a na takwas, to wurinki littafin JSS1 ne. Waɗannan amsoshin da na lissafa ba na kame-kame ba ne, kowace tana da hanyar da ake bi a faɗa cikinta, kuma mafi yawan manyan da suka dawo karatu bayan shekaru a nan suke faɗawa. Daga yadda kika bayyana kanki, ina kyautata zaton a rukuni na biyu kike.

Dalilin da ya sa littafin SS3 bai yi miki aiki ba shi ne marubutansa sun ɗauka mai karatu ya riga ya wuce ta littattafai biyar kafin ya iso gare shi. Idan suna warware misali, sukan tsallake layi biyu ko uku na firakshan da alamar ɗebewa, saboda a wurinsu ba sai an faɗa ba. Ke kuma a cikin waɗannan layukan da aka tsallake ne kike ɓacewa. Sai ki ga layi na biyu bai yi kama da na farko ba, ki rasa ta ina aka bi, ki koma hadda don ba ki da wata mafita. Hadda tana iya ɗaga mutum daga F9 zuwa E8, kamar yadda ta yi miki, domin wasu tambayoyin zaɓi suna dawowa da kama. Amma da wuya ta ƙetare da mutum zuwa C6, saboda a takarda ta biyu da an canza lamba ɗaya, amsar da aka haddace ta tashi aiki. Abin da E8 ɗin nan ya nuna mini shi ne kina da naci, kuma tsakaninta da C6 mataki biyu ne kacal.

To ga littattafan. Wanda zan sa a gaba shi ne New General Mathematics na ƙaramar sakandare, littafi na 1 da na 2 da na 3, wanda Longman suka daɗe suna bugawa, yanzu kuma yake fita da sunan Pearson. Na zaɓe shi ne don dalilai na aiki: kowane sabon abu yana zuwa da misalan da aka warware daki-daki, atisayensa yana farawa da sauƙi yana hawa a hankali, akwai atisayen bita bayan an ɗan yi tafiya, kuma akwai amsoshi a ƙarshen littafin. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci ga mai karatu ita kaɗai, domin babu malamin da zai duba miki. Idan ba ki same shi ba, littafin MAN Mathematics na ƙungiyar malaman lissafi ta Nijeriya yana bin manhaja ɗaya, zai yi aikin. Abin da ba na so shi ne ki haɗa uku ko huɗu a lokaci guda. Kowane littafi da yadda yake jera darussa da yadda yake rubuta aiki, kuma mai tsalle daga wannan zuwa wancan yakan ƙare yana karanta babin farko sau huɗu. Idan gwajin ya mayar da ke firamare, ki nemi Understanding Mathematics na aji biyar da shida, ki yi mako uku a kan ninkawa da doguwar rabawa da jadawalin sau har zuwa 12, sannan ki hau na JSS1.

Ba sai sabo ba. Firakshan bai canza ba tun muna 'yan makaranta, don haka tsohon bugu na hannu ya wadatar a matakin JSS, ko aro daga gidan da yaransu suka wuce ajin. Amma ko sabo ko tsoho, kada ki biya kuɗi sai kin buɗe shi a gaban mai sayarwa. Ki fara juyawa baya ki tabbatar shafukan amsa suna nan ba a yage ba. Sannan ki buɗe babin firakshan ki dubi ƙananan lambobi. Kasuwa cike take da bugun jabu, kuma a irinsu tawada kan dushe, ƙaramar 2 da ke saman x ta koma ɗigo, alamar ɗebewa ta ɓace gaba ɗaya. A littafin labari wannan ba komai ba ne, amma a lissafi yana iya sa ki kwana kina zargin kanki alhali laifin mai bugu ne.

A littafin JSS1 ba daga bango zuwa bango za ki bi ba, lokaci ba zai ba ki dama ba. Ki nemi babin da ke koyar da lambobin da ke raba wata lamba ba saura, inda ake LCM da HCF, sai firakshan, sai desimal da kaso cikin ɗari, sai lambobi masu alamar ɗebewa, sai farkon aljabara da ikweshan masu sauƙi. Babukan siffofi da kusurwoyi ki jinkirta su zuwa gaba, lambobin Rumawa kuwa ki wuce su. A cikin waɗannan duka, firakshan ne zai ci rabin lokacinki, kuma ya cancanci haka.

Ke da kike da tef ɗin awo a wuya kullum kin fi 'yan aji sanin firakshan, ba a dai taɓa nuna miki cewa shi ne ba. Ɗauki tambaya ta huɗu. Yadi ɗaya inci 36 ne. Rabinsa inci 18, kashi ɗaya cikin ukunsa inci 12. In kin haɗa su kin samu inci 30. Yanzu raba yadin gida shida, kowane gida inci 6, sai ki ga inci 30 gida biyar ne cikin shida, wato 5/6. Mai cewa 2/5 ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya fito da abin da bai ma kai inci 15 ba. Ta yaya za a ƙara wa rabin yadi wani ƙyalle ya dawo bai kai rabi ba? Abin da littafi yake nufi ke nan idan ya ce a nemo LCM na 2 da 3: a yanka duka biyun zuwa gidaje masu girma ɗaya kafin a tara, 1/2 ya zama 3/6, 1/3 ya zama 2/6. Haka ma tambaya ta biyar, wadda ake koya wa yara da "juya ka ninka" ba tare da dalili ba. Tambayar da ake yi ita ce: a cikin kwata uku na yadi, ƙyalle nawa mai tsawon 1/8 za a fitar? Kwata uku daidai yake da 6/8, don haka ƙyalle shida. Ki riƙa yin wannan a makon farko, tef a hannu ɗaya biro a ɗaya, har sai kin daina buƙatar tef ɗin. Kuma ki ɗauki ɗabi'ar tambayar kanki bayan kowace amsa: wannan ta yi kama da hankali kuwa? Wanda ya samu 0.6 a 0.3 × 0.2 da ya tsaya ya tuna cewa ɗan yanki ne na 0.3 ake nema, da ya gane amsar ba za ta fi 0.3 girma ba.

Alamar ɗebewa ita ce ɓarauniyar maki ta biyu. Tarawa da ɗebewa a nan ba su da wuya ga mai sana'a: −3 − 5 ana bin ki bashin uku ne kika ƙara cin na biyar, ya zama ana bin ki takwas. Inda ake rikicewa shi ne an haddace cewa "mayinos da mayinos fulos ne", sai a ɗauko wannan doka a maka ta a kan −3 − 5 a samu 8. Dokar ta ninkawa da rabawa ce, da kuma inda alamomin biyu suka zo manne da juna kamar 5 − (−3). In kina son ganin dalilinta da idonki, rubuta −4 × 2 = −8, ƙarƙashinsa −4 × 1 = −4, sai −4 × 0 = 0. Kin ga kowane layi amsar tana ƙaruwa da huɗu, don haka −4 × −1 dole ya zama 4. Ninkawa da rabawar irin waɗannan lambobi a littafin JSS2 za ki fi samun su, tare da buɗe baka da firakshan masu haruffa, kuma daga nan ne x da y za su fara yi miki magana.

Game da x ɗin nan, lamba ce da ba a faɗa miki ba tukuna, ba wani abu ba. Abin da nake so ki yi hattara da shi shi ne dokar da ake rera wa yara cewa lamba in ta tsallaka alamar daidai sai ta canza alama. Tana aiki a 3x − 7 = 11, amma da an iso 3x = 18 sai mai hadda ya rubuta x = 18 − 3, ko ya raba 18 da −3. Ki bar maganar tsallakawa na tsawon wata guda. A maimakonta ki riƙa rubuta abin da kika yi wa ɓangarorin biyu: na ƙara 7 a hagu da dama, ya zama 3x = 18; na raba hagu da dama da 3, ya zama x = 6. Ya fi cin takarda, amma ba ya yaudara. Sannan ki mayar da 6 ɗin cikin tambayar: 18 − 7 = 11. Aljabara tana da wannan alheri, kina iya duba amsarki da kanki tun kafin ki juya bayan littafi.

Bari in nuna miki irin tambayar da nake so ki iya warwarewa a ƙarshen wata na huɗu, don ki ga yadda abubuwan nan suke haɗuwa wuri ɗaya. An ce a nemo x a cikin (x + 1)/2 − (x − 2)/3 = 2. Bara da kin gan ta da sai ki tsallake. Amma 2 da 3 ɗin da ke ƙasa su ne dai na rabin yadi da sulusin yadi, LCM ɗinsu 6. Ki ninka kowane yanki da 6, har da 2 ɗin da ke dama, wanda mutane da yawa suke mantawa. Na farko ya zama 3(x + 1), na biyu 2(x − 2), na dama 12. Yanzu kina da 3(x + 1) − 2(x − 2) = 12. Buɗe baka ta farko ba matsala, 3x + 3. A ta biyu ne tarkon yake, domin −2 ce take ninka abin da ke ciki: −2 sau x ya ba da −2x, −2 sau −2 ya ba da +4. Layin ya zama 3x + 3 − 2x + 4 = 12, wato x + 7 = 12, don haka x = 5. Mayar da shi: 6/2 uku ne, 3/3 ɗaya ne, uku a cire ɗaya saura biyu. Ya yi.

Wadda ta rubuta −4 a wurin +4 za ta fito da x = 13, wadda ta manta ninka na dama za ta fito da x = −5. In kika ga irin haka kada ki ce kin kasa aljabara, ki sa yatsa a kan layin da kuskuren ya shigo ki ba shi suna: wannan na alama ne, wannan na mantuwar ninkawa ne. Don haka nake so ki sayi littafin rubutu biyu. Ɗaya na aiki, ɗaya ƙarami na kurakurai, inda za ki riƙa kwafe duk tambayar da kika faɗi, da layin da ya karkace, da gyaransa. Ran Juma'a ko Lahadi ki sake yin tambayoyin da ke ciki ba tare da duba gyaran ba. Bayan wata ɗaya za ki lura kurakuranki ba su wuce iri uku ko huɗu ba, su ne suke ta sauya riga. A bayan wannan ƙaramin littafin kuma ki ware shafi biyu na kalmomin Turancin da ake ba da umarni da su a tambaya, masu nufin a sauƙaƙa, a warware, a ƙiyasta, a nemo jimla ko bambanci, kowace da ma'anarta da Hausa da misali ɗaya. Sau da yawa lissafin ba shi ke kayar da mutanenmu ba, rashin gane abin da aka ce a yi ne.

Yadda za ki zauna da littafin ma yana da tsari. Karanta misalin da aka warware sau ɗaya, rufe shi da takarda, ki yi shi da kanki, sannan ki buɗe ki gwada layi da layi. Kallon misali ana gyaɗa kai yana sa mutum ya ji kamar ya iya, sai an rufe ake sanin gaskiya. Daga nan ki shiga atisaye, ki yi na 1, na 3, na 5, haka har guda goma, sannan ki duba amsa. In kin ci takwas ko fiye, wuce gaba. In ba ki kai ba, koma kan misalin ki yi na 2, na 4, na 6. Awa ɗaya kullum, kwana shida a mako, ya fi awa shida ranar Asabar nesa ba kusa ba. Ke kika san gidanki, amma mata da yawa sun fi samun natsuwa bayan sallar asuba ko bayan yara sun tafi makaranta kafin a hau keke. Kalkuleta kuwa ki ɓoye ta har sai kin gama JSS2. Ana shiga jarrabawa da ita, amma ba za ta buɗe miki baka ba, kuma in ba ki san kimanin amsar da kike jira ba, ba za ki gane ba idan yatsanki ya danna ba daidai ba.

Wata bakwai ɗin ga yadda zan raba miki shi. Wata biyu na farko JSS1. Wata biyu na gaba JSS2 da zaɓaɓɓun babuka na JSS3, musamman fitar da abin da haruffa suka yi tarayya a kai, ikweshan biyu masu x da y da ake warwarewa tare, sauya harafin da ake nema a cikin fomula, da farkon lissafin kusurwoyi. A nan ne za ki koma ki ɗebo babukan siffofin da kika jinkirta, faɗi da kewaye da dokar Pythagoras. Sauran wata ukun na babbar sakandare ne da tambayoyin shekarun baya, kuma a nan littattafan da maigidanki ya sayo za su fito daga kwali. Za ki buƙaci ƙarin na SS1 da SS2, domin yawancin abin da ake tambaya a can yake, ko kuma littafi guda da ya haɗe shekara ukun, irin Essential Mathematics na Oluwasanmi. Shi wannan yana da kyau wajen bita, amma yana da sauri, kada ki fara da shi.

A wannan zangon na ƙarshe ba komai za ki bi ba, kuma tsarin jarrabawar ya ba ki wannan dama. Takarda ta farko tambayoyin zaɓi 50 ne cikin awa ɗaya da rabi. Ta biyu tambaya 13 ce cikin awa biyu da rabi, biyar na farko dole ne, sannan ki zaɓi biyar daga cikin takwas da suka rage. Ke nan akwai tambayoyi uku da za ki bari ba tare da asarar komai ba. Ki ƙarfafa wuraren da suke tsaye a kan abin da kika gina: lissafin riba da faɗuwa da kaso, ƙididdiga da teburinta, yiwuwar aukuwar abu, ikweshan mai x² da zana girafinsa, da rukunan abubuwa masu zanen da'irori. Kuma ki sani masu duba takarda ta biyu suna ba da maki a kan hanya daban, a kan amsa daban. Wadda ta rubuta layin 3(x + 1) − 2(x − 2) = 12 daidai sannan ta yi kuskure a gaba ba ta tashi a tutar babu ba, amma wadda ta rubuta amsa tsurarta na iya rasa makin hanyar. Littafin tambayoyin baya ki riƙa amfani da shi da agogo, ki rufe amsoshin, kuma kada ki ɗauke su kamar saukakku, domin akan samu kuskuren bugu a cikinsu. Tun 2024 WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu jarrabawa a kan kwamfuta, don haka lokacin rajista ki tambayi yadda za a yi taku, in da kwamfuta ne ki samu ko sau biyu ki taɓa linzami kafin ranar.

Sai maganar maigidanki. Mutumin da ya biya kuɗin jarrabawa, ya je kasuwa ya sayo littafi, yake kuma tunanin ɗauko malami, ba mai adawa da karatunki ba ne. Ya sayi littafin SS3 ne saboda abin da kowa zai yi ke nan in an ce jarrabawar gama sakandare, kuma bai san inda matsalar take ba tunda ba ki faɗa masa ba. Cewar da ya yi sau ɗaya zai ƙara biya, ni ina jin ta a matsayin maganar mai lissafin aljihu. Ki zauna da shi da takardar gwajin nan a hannu, ki nuna masa inda kika faɗi, ki ce ga abin da kike son yi wata bayan wata. Magana da takarda a gaba ta fi "ban iya ba" sauƙin fita daga baki, ta kuma fi sauƙin karɓa.

Shawararsa ta malamin lesin ba ta da laifi, lokacinta da yanayinta ne za a gyara. Yawancin azuzuwan lesin na masu shirin jarrabawa tambayoyin baya suke bi a guje, wato abin da ya riga ya kayar da ke. In da hali, abin da ya fi miki shi ne malamar ko malamin da ke koyar da JSS, sau ɗaya a mako, ki kai littafin kurakuranki a warware miki su kaɗai. Wannan ya fi araha, kuma za ku iya adana kuɗin lesin na sosai zuwa wata biyun ƙarshe. In hankalin maigida ya fi kwanciya da mace, a nemi malama ko wata ɗalibar kwalejin ilimi a unguwa.

Ku kuma yi yarjejeniya ɗaya tun yanzu, tunda biyan na ƙarshe ne: ba za a yi rajista ba sai kin gwada kanki. Kafin a rufe rajista ki ɗauki takardar zaɓi ta wata shekara da ba ki taɓa gani ba, ki yi ta cikin awa ɗaya da rabi. In kin kai 25 cikin 50 da saninki, ban da waɗanda kika canka, a biya. In kina ƙasa da 20, shawarata a ɗaga zuwa zama na gaba. In kin faɗo tsakani, littafin kurakuranki ne zai raba gardama: in kurakuran na babukan da ba ki kai ba ne, a biya, in har yanzu na firakshan da alama ne, a jira. Wannan ma'auni nawa ne ba na hukuma ba. Jiran ma ba mai tsawo ba ne, domin WAEC tana yi wa masu zaman kansu jarrabawa sau biyu a shekara, NECO ma tana da tata a ƙarshen shekara, haka NABTEB. Sai dai kafin komai ki je makarantar da kike son shiga ki tambaya da bakinki wace takarda suke karɓa, kuma ko suna yarda a haɗa sakamakon zama biyu, naki na 2010 da sabon. Wasu suna yarda, wasu kwasa-kwasan ba sa yarda, kuma amsar ita za ta nuna ko lissafi kaɗai za ki mayar da hankali a kai ko har da sauran darussa.

Kunyar ɗanki na fahimce ta, kuma ba zan ce ki yi watsi da ita ba, ɗan fari ne. Kina da zaɓi. Kina iya sa wa littafin bango da takarda ki yi karatunki lokacin da yake makaranta, babu wanda ya isa ya ce kin yi laifi. Amma ki sani littafinsa na bara, in yana nan, shi ne daidai wanda na ce ki fara da shi, kuma gidan da yaro yake a wannan aji ɓoyon ba ya daɗewa. In kin ga za ki iya, ki ce masa kina son ki riƙa duba aikin gidansa ne, don haka kike bitar littafin. Wannan gaskiya ce, domin nan da wata uku za ki iya dubawar. Abin da ba na so shi ne a mayar da shi malaminki, ya yi masa nauyi, ke ma ba za ki saki jiki ki yi tambaya ba. Ku zauna tabarma ɗaya bayan magariba in kin so, kowa da littafinsa.

Ki yi gwajin nan a daren yau, gobe ki nemo na JSS1. In kin gama babin firakshan ki sake rubuto mini, ki haɗo da shafi ɗaya daga littafin kurakuranki, in ga irin waɗanda suke maimaituwa mu san abin da za a ƙara ko a rage a wata na biyu. Allah ya ba da sa'a, ki gaishe da maigida da yara.